Kammalawar da Ba Ta Yanke Hukunci Ba: Me Malami Zai Rubuta a Ƙasan Takarda?

Duk malamin da ya taɓa zama da tulin littattafan ɗalibai yana duba insha'i ya san irin wannan sakin layi na ƙarshe. Yakan fara da "A ƙarshe" ko "A taƙaice dai", sannan ya jero abubuwan da aka riga aka faɗa a sama, ɗaya bayan ɗaya, a kan tsarin da suka zo. Babu ƙarya a cikinsa, sau da yawa ma babu kuskuren ƙa'idar rubutu. Malami ya riƙe jan biro, ya ji a ransa cewa akwai abin da ya rage, amma ya rasa inda zai ja layi. Daga nan sai ya rubuta "kammalawa ba ta yi ƙarfi ba", ko "a ƙara ƙoƙari", ya ɗauki littafi na gaba. Ɗalibi kuwa ya karɓi littafinsa, ya karanta, bai san me zai gyara ba. A insha'i na gaba sai ya sake yin abin da ya yi, sai dai ya ƙara masa tsawo, don a zatonsa ƙarfi yana nufin yawa.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Malamin tarihi a babbar sakandare ya ba ajinsa wannan tambaya: "Wane dalili ne ya fi taimaka wa Turawan Ingila wajen cin Daular Sakkwato a 1903?" Wata ɗaliba ta yi karatu sosai, ta kawo dalilai uku. Na farko makamai: sojojin Lugard suna da bindiga mai ruwan harsashi da ake kira Maxim da kuma igwa, alhali mayaƙan daular galibi masu doki ne da mashi da takobi da kwari da baka. Na biyu rashin haɗa ƙarfi: an ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901, Bauchi da Zazzau suka shiga hannu a 1902, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris, kowace ita kaɗai. Na uku rikicin cikin gida: Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta bar tabo, sannan Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a Oktoba 1902, Attahiru ya hau gado ana saura 'yan watanni yaƙi ya iso, manyan gari kuma ba su daidaita ba a kan ko a yi yaƙi, ko sulhu, ko hijira. Ga abin da ta rufe da shi:

"A ƙarshe, mun ga cewa Turawa sun ci Daular Sakkwato saboda suna da makamai na zamani. Haka kuma masarautu ba su haɗa kai ba. Bugu da ƙari akwai rikicin cikin gida. Waɗannan su ne dalilan da suka sa Turawa suka ci Daular Sakkwato a 1903."

Kowace jimla a nan gaskiya ce. Amma an tambaye ta wanne ya fi, ita kuma ta amsa da waɗanne ne. Kamar alƙali ne da ya saurari mai ƙara, ya saurari wanda ake ƙara, ya ji shaidu, sannan ya maimaita wa jama'a abin da kowa ya ce, ya naɗe tabarmarsa ya tashi. Kowa zai yarda ya saurara da kyau, amma shari'ar tana nan inda take.

Kafin a ɗora wa yarinyar laifi, ya kamata a tuna cewa abin da aka koya mata ne ta yi. Tun daga firamare ana cewa insha'i yana da sassa uku: gabatarwa, gundarin bayani, kammalawa. Idan aka zo bayanin kammalawa sai a ce a taƙaita abin da aka faɗa, kuma kada a kawo sabon abu. Yaro mai biyayya ya haɗa waɗannan umarni biyu, sai ya ga hanya ɗaya ce ta rage masa, wato maimaici. Taƙaitawa tana da wurinta. A kundin bincike mai babi biyar, mai karatu yana bukatar a tuna masa da abin da ya wuce shafuka sittin baya. Amma insha'in jarrabawar Ingilishi ta WAEC kalmomi kusan 450 ne, shafi biyu ke nan ko ƙasa da haka. Wanda ya karanta dalili na farko minti biyu da suka wuce bai manta da shi ba. Abin da bai samu ba tukuna shi ne matsayin marubucin.

Saboda haka aikin farko na malami, kafin ya rubuta komai, shi ne ya koma ga tambayar da shi kansa ya bayar. Idan cewa ya yi "Kawo dalilai uku" ko "Bayyana yadda aka ci Kano", to bai nemi hukunci ba, kuma ba adalci ba ne ya rage maki don ba a yanke ba. Idan kuwa tambayar tana ɗauke da "wanne ya fi", ko "shin ka yarda", ko "tattauna", ko ta muhawara ce inda ake goyon baya ko suka, to hukunci shi ne ainihin abin da aka nema, sauran duka hujjoji ne da za su kai gare shi.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna ko kammalawa maimaici ce. A sauya jerin jimlolinta, a mayar da ta uku farko, ta farko ƙarshe. Idan ma'anar ba ta motsa ba, to jimlolin zaman maƙwabta suke yi, babu wadda ta dogara da wata. A gwada da na ɗalibarmu: rikicin cikin gida, rashin haɗin kai, makamai. Daidai yake da na farko. Hukunci ba ya jure wannan, domin yana da kalmomi irin su "ya fi", "saboda", "ba don", "duk da cewa", kuma waɗannan su ke ɗaure jimla da 'yar uwarta. Gwaji na biyu ya fi wannan kaifi: shin wani mai hankali da ya san tarihin zai iya cewa "ban yarda ba"? Babu wanda zai musa cewa Turawa suna da makamai. Amma da ta ce makaman ne suka fi rashin haɗin kai tasiri, nan take za a sami mai ja da ita. Inda ake iya jayayya, nan hukunci yake.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne amfani. Cutar ta bayyana ne a sakin layi na ƙarshe, amma ba lallai a nan ta samo asali ba. Malami ya sake karanta gundarin bayanin yana neman abu ɗaya: akwai wurin da ɗalibar ta auna wani dalili da wani, ko da a jimla ɗaya ce? Sau da yawa akwai. A sakin layinta na biyu, yarinyar nan ta rubuta: "Da a ce Kano da Zazzau da Katsina sun fito fili ɗaya tare da Sakkwato, da ba a ci su da sauƙi haka ba." Ta faɗe shi a kan hanya ta wuce, ba ta san cewa ta taɓo amsar tambayar ba. Wannan jimla ita ce kaɗai a duk rubutun da ba daga littafi ta kwaso ba. Malamin da ya gano ta ya sami abin da zai kama. Ba sai ya ce mata ba ta iya tunani ba, domin ga shaida ta iya. Matsalarta ita ce ta ajiye tunanin a inda ba za a gan shi ba.

Idan kuwa aka duba ba a sami ko jimla ɗaya irin wannan ba, lamarin ya bambanta. Ɗalibin bai taɓa auna dalilan ba, ya tara su ne kawai. Ce masa ya gyara kammalawa ba zai yi amfani ba, tunda babu abin da zai kammala. Irin wannan sai a mayar da shi baya, a ce ya ƙara jimla ɗaya a ƙarshen kowane sakin layi da ke nuna nauyin wannan dalilin idan aka gwada shi da wanda ya gabace shi.

Ga abin da zan rubuta a ƙasan takardar ɗalibarmu:

"Dalilanki uku daidai ne, kuma shekarun da kika kawo sun inganta su. Kammalawarki ta sake jero su ne kamar yadda suka zo, amma tambayar ta ce wanne ya fi. Duba jimlar da na ja wa layi a sakin layi na biyu: a nan kin fara amsawa. Idan aka ce ki cire dalili ɗaya daga cikin ukun, wanne ne idan babu shi Turawa ba za su yi nasara a 1903 ba? Sake rubuta kammalawar kaɗai, jimla huɗu ko biyar. Jimlar farko ta faɗi wanda ya fi, sauran su nuna me ya sa ya fi ɗayan biyun. Ki kawo ranar Alhamis."

Kowane ɓangare na wannan bayani da aikinsa. Yabon da ke farko ba na rarrashi ba ne. Yana gaya mata abin da ba za ta taɓa ba, don kada ta rushe insha'in duka. Jimla ta biyu tana siffanta abin da sakin layin ya yi, ba ta ba shi daraja ba. "Ya sake jero su" abu ne da za ta iya dubawa da idonta ta tabbatar, "ba shi da ƙarfi" kuwa sai dai ta yarda da Malam ko ta ji haushi. Sannan an ajiye abin da ta yi kusa da abin da tambaya ta nema, domin ta ga giɓin da kanta. Tambayar cire dalili ɗaya ita ce zuciyar bayanin. Ba za a iya amsa ta da jeri ba, dole a zaɓa. Daga ƙarshe aikin ƙarami ne, mai iyaka, mai rana. Wanda aka ce ya sake insha'i gaba ɗaya yakan kwafe tsohon ne da rubutu mai kyau.

A 1982 wata malamar koyar da rubutu a Amurka, Nancy Sommers, ta wallafa binciken da aka yi a kan bayanan da malamai 35 na jami'o'i biyu suke rubuta wa ɗalibansu. Abin da ta gano shi ne yawancin bayanan ana iya cire su daga wannan takarda a manna a waccan ba tare da an lura ba, saboda ba su ambaci komai na takardar da aka rubuta su a kai ba. Ta kuma lura cewa malamai kan gyara waƙafi da harafi a cikin sakin layin da su kansu suka ce a sake shi, sai ɗalibi ya rasa wanne ne babba. Wannan na biyun ya shafe mu kai tsaye. Idan kana so a rushe kammalawa a sake ginawa, kada ka tsaya gyara "ƙ" da "k" a cikinta. Ɗalibi zai gyara haruffan, ya ɗauka ya gama.

Batun maki ma yana da tasiri. Ruth Butler ta yi gwaji a Isra'ila, wanda aka buga a 1988, da yara 'yan aji biyar da shida. Wasu aka ba su maki kaɗai, wasu bayani kaɗai, wasu duka biyun. Waɗanda suka sami bayani kaɗai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa maki da bayani ba su fi masu maki kaɗai ba. Duk malami ya ga dalilin da idonsa: ana raba littattafai, ido yana kan lambar da ke cikin da'ira, daga nan sai leƙen na maƙwabci. Makarantunmu suna bukatar maki don rajista, ba za a iya watsar da shi ba. Abin da za a iya yi shi ne a riƙe shi har sai an kawo gyaran. A rubuta shi da fensir a rajista, a gaya wa aji cewa makin zai tabbata ne bayan an sake kammalawa.

Jarabar da ta fi kama malami mai ƙwazo ita ce ya rubuta hukuncin da kansa: "Ya kamata ki ce makamai ne suka fi, domin kaza da kaza." Yarinya za ta kwafe, takardar za ta yi kyau, amma abin da ta koya shi ne ra'ayin Malam a kan 1903. A tambaya ta gaba, a kan faɗuwar Songhai ko a kan wani abu dabam, za ta koma jeri, tunda babu wanda ya ba ta amsa a wannan karon.

Kada kuma a yi tsammanin gyaran farko zai fito daidai. Yawanci yakan zo da ɗaya daga cikin lahani biyu. Wani zai rubuta: "A ganina duk dalilan suna da muhimmanci, kowanne ya taka rawarsa." Wannan maimaici ne da ya sa sabuwar riga. Amsar malami gajeriya ce: "Na yarda duk suna da muhimmanci. Nauyinsu ɗaya ne? Idan ɗaya ne, nuna mini yadda aka yi suka zo daidai." Wani kuma zai rubuta: "A ganina makamai ne suka fi muhimmanci", ya sa aya, ya ci gaba da jero sauran. Ya zaɓa, amma bai auna ba. A nan kalma ɗaya ta isa a gefen takarda, a daidai inda ya sa ayar: "saboda?"

A ce ɗalibarmu ta dawo ranar Alhamis da wannan:

"Rashin haɗa ƙarfi ne ya fi taimaka wa Turawa. Makamansu sun fi namu, amma yawansu kaɗan ne, kuma abin da ya ba su dama shi ne sun fuskanci masarautu ɗaya bayan ɗaya cikin shekara biyu, suna hutawa tsakanin yaƙi da yaƙi. Rikicin cikin gida ba dalili ne mai zaman kansa ba, yana cikin abubuwan da suka hana haɗuwar. Saboda haka makamai sun bayyana yadda aka ci kowane yaƙi, amma rarrabuwa ce ta bayyana yadda rundunar da ba ta da yawa ta ci daula mai faɗi haka."

Babu sabon bayani ko ɗaya a ciki. Makamai, rarrabuwa, rikici, su ne dai ukun nan. Abin da ya sauya shi ne dangantakarsu: ɗaya ya hau sama, ɗaya ya shiga ƙarƙashinsa, ɗaya an ba shi haƙƙinsa an kuma nuna iyakarsa. Wannan ne ya kamata a fahimtar da ɗalibai game da dokar nan ta "kada a kawo sabon abu a kammalawa". Sabuwar hujja ce aka hana, wato a zo da wani yaƙi ko wata shekara da ba a tattauna a sama ba. Ba a hana sabuwar magana a kan tsofaffin hujjoji ba. A gwada sauya jerin waɗannan jimloli huɗu, za a ga sun ƙi.

Yanzu sai wata tambaya ta taso, wadda ke gwada malamin kansa. A ce shi a nasa karatun makamai ne suka fi. Yana da hujja kuwa. A Burmi, cikin Yuli 1903, jama'a masu yawa daga wurare dabam-dabam sun taru tare da Sarkin Musulmi Attahiru, sun yi tsayin daka, amma bindiga ta rinjaye su. Shin zai rage mata maki don ta saɓa masa? Bai kamata ba. Abin dubawa shi ne ko hukuncinta ya fito daga hujjojin da ta shimfiɗa, kuma ya fito. Abin da ya dace ya yi shi ne ya miƙa mata hujjar da ta fi ƙarfi a kan matsayinta: "Wannan hukunci ne, kuma kin kafa shi. Ga abin tunani: a Burmi an haɗu, duk da haka an sha kashi. Me za ki ce wa wanda ya kawo miki wannan?" Wataƙila ta amsa cewa haɗuwar Burmi ta zo bayan an riga an rasa birane da dawakai da tsari. Wataƙila ta sassauta matsayinta. Wataƙila ma ta je ta karanta yadda Habasha, da ta haɗa rundunoninta kuma ta tanadi bindigogi, ta kori Italiya a Adwa a 1896, ta dawo ta ce ana bukatar duka biyun. Ko wanne ta yi, awo take yi yanzu.

Akwai wani abu da ba na rubutu ba ne da ke hana yaranmu yanke hukunci, kuma malami ba zai iya kau da kai daga gare shi ba. An tarbiyyantar da yaro a kan cewa ba ya tsoma baki a maganar manya. Yanzu ga shi an ce ya faɗi abin da ya kayar da sarakuna da malamai na daula guda. Da yawa suna ganin rashin kunya ne su ce "wannan ya fi wancan" a rubuce, a gaban Malam. Wata za ta ce, "Malam, ni wace ce da zan faɗi haka? Idan na yi kuskure fa?" Jeri mafaka ce, ba a kama mai jeri da laifi. Don haka wani lokaci bayanin malami yana bukatar jimla ɗaya ta izini: "Ba a neman ki dace da ra'ayina. Duk wanda kika zaɓa zan karɓa, idan kin kawo dalili." Sannan ya cika alkawarin, domin idan aka ga ya rage wa mutum ɗaya maki a kan saɓa masa, ajin duka zai koma jeri har ƙarshen shekara.

Mai aji na ɗalibai saba'in ko tamanin zai ce, da gaskiyarsa, ba shi da lokacin rubuta jimla shida a kowane littafi. Amma wannan lahani ne da ke kama rabin aji a lokaci guda, don haka ana iya raba aikin gida biyu. Abin da ya shafi kowa a yi shi a allo: a rubuta kammalawa ɗaya mai maimaici, wadda malami ya ƙirƙira don kada a kunyata kowa, a sa aji su sauya jerin jimlolinta su ga ba ta motsa ba, sannan a yi musu tambayar cire dalili ɗaya, a bar su su yi gardama minti goma. Abin da ya shafi mutum ɗaya kuma ya rage abu biyu a littafinsa: layi a ƙarƙashin jimlar da ya fara aunawa, da 'yan kalmomi a gefe, "fara kammalawarka daga nan". Wanda ba a sami irin wannan jimla a rubutunsa ba, a sa masa alama dabam. Waɗannan su ne za a tara a benci ɗaya a darasi na gaba, a sa kowannensu ya ɗauki dalilai biyu kacal daga cikin nasa, ya faɗa da baki wanne ya fi da kuma me ya sa, kafin a bar shi ya ɗauki biro.